Sulusi Biyu na Jihohi Sha Tara: Yadda Alƙalai Ke Fassara Doka

Akwai wata tambaya da kusan duk wanda ya zauna ajin koyon aikin lauya ya gamu da ita, ko a Zariya ya yi karatu, ko a Legas, ko a Landan. Malami zai yanko layi biyu ko uku daga cikin wata doka, ya haɗa da labarin wani abu da ya faru, sannan ya ce ɗalibi ya faɗi hukuncin da kotu za ta yanke ta hanyoyi uku. Me za ta ce idan ta tsaya a kan lafazin dokar kawai? Me za ta ce idan ta ɗan karkata lafazin don kauce wa sakamakon da hankali ba zai ɗauka ba? Me kuma za ta ce idan ta waiwayi ɓarnar da aka yi dokar domin a toshe? Waɗannan su ne ƙa'idoji uku na fassarar doka da kotunan Ingila suka gina cikin ƙarnoni, mu kuma muka gaje su tare da sauran tsarin shari'ar Turawa: ƙa'idar bin lafazi, da ƙa'idar zinare, da ƙa'idar toshe ɓarna.

Yawanci malamai kan ƙirƙiro doka da labari don wannan atisaye. Mu ba mu da buƙatar ƙirƙira, domin a tarihinmu akwai jimla guda ɗaya da kujerar shugabancin ƙasa ta rataya a kanta, kuma ƙuri'un Jihar Kano ne suka zama abin jayayya.

Jimlar tana cikin sashe na 34A na Dokar Zaɓe ta 1977, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi don mayar da mulki hannun farar hula. Ma'anarta da Hausa ita ce: idan 'yan takarar shugaban ƙasa sun wuce biyu, wanda ya ci shi ne wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya samu abin da bai gaza rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa ba a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na dukkan jihohin tarayya. Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan nan biyu, sai a kai mutum biyun da ke kan gaba wurin 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zaɓi ɗaya.

An yi zaɓen ranar 11 ga Agusta, 1979. Mutum biyar suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari na NPN, da Cif Obafemi Awolowo na UPN, da Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP, da Malam Aminu Kano na PRP, da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP. Sharaɗin farko bai da gardama, don Shagari ya samu ƙuri'a 5,688,857, Awolowo na biye da shi da 4,916,651. A sharaɗi na biyu aka yi cirko-cirko. Shagari ya samu rubu'i ko fiye a jihohi goma sha biyu: Sakkwato, Kaduna, Bauci, Barno, Gongola, Neja, Kwara, Filato, Binuwai, Bendel, Ribas da Kuros Riba. Jihar da ya fi kusa da cikawa a cikin sauran bakwai ita ce Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Jigawa ta yau. Kano gidan Malam Aminu ce, shi ya kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unta. An kaɗa ƙuri'a 1,220,763, Shagari ya samu 243,423, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Da rubu'in zai cika, da sai ya samu sama da 305,000.

To, jihohin Najeriya a lokacin goma sha tara ne, tun bayan da Janar Murtala Muhammed ya ƙara yawansu a 1976. Sha tara kuwa ba ta rabuwa uku daidai. Kashi biyu cikin uku nata sha biyu ne da sulusi biyu. Shin sha biyu da sulusi biyun za a nema daga ɗan takara, ko kuwa sha uku cif? Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bayyana Shagari a matsayin wanda ya ci. Awolowo ya kai ƙara kotun zaɓe, ta kore ta, ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli. Bari mu ɗora ƙa'idojin nan uku a kan jimlar, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake neman ɗalibi ya yi.

Tsayawa a kan lafazi

Ƙa'idar farko ta ce alƙali ya ba kalmomin doka ma'anarsu ta yau da kullum, wadda duk mai jin harshen zai fahimta, ya tsaya nan. Hujjarta mai ƙarfi ce. Majalisa ce aka zaɓa don yin doka, ba a zaɓi alƙali ba. Idan aka bar kowane alƙali ya ce ai abin da majalisa take nufi daban ne da abin da ta rubuta, to doka ta koma ra'ayin wanda ke kan kujera ran nan, talaka kuma ba zai iya karanta doka ya san matsayinsa ba. Wasu alƙalan Ingila na ƙarni na sha tara sun kai ga cewa idan kalmomi a fili suke, dole a bi su ko da sun kai ga abin da bai yi tsari ba, gyaran kuma a bar wa majalisa.

Inda wannan taurin kai yake kaiwa ya bayyana a shari'ar Whiteley da Chappell ta 1868. Doka ta haramta mutum ya yi sojan gona da sunan wani mai haƙƙin jefa ƙuri'a. Wani ya je ya jefa ƙuri'a da sunan mutumin da ya riga ya rasu, sunansa kuma yana nan a rajista. Kotu ta ce mamaci ba shi da haƙƙin jefa ƙuri'a, saboda haka wanda ya ari sunansa bai karya wannan doka ba. Aka sallame shi, alhali maguɗin da ya yi shi ne ainihin abin da aka yi dokar don hanawa.

Yanzu mu dawo kan jimlarmu. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce lafazin a fili yake. Doka ta ce kashi biyu cikin uku na jihohi, lissafi kuma ya ce sha biyu da sulusi biyu. Shagari ya cika sha biyu, saura sulusi biyun jiha guda. Yaya ake samun rubu'i a sulusi biyun jiha? Sai a ɗauki ƙuri'un Kano, 1,220,763, a cire kashi biyu cikin uku, a samu 813,842. Rubu'in wannan bai wuce 203,461 ba. Shagari yana da 243,423, ya zarce da kusan dubu arba'in. Mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams, sun karɓi wannan. Sun yarda cewa an rubuta jimlar da rashin ƙwarewa, amma sun ce kalmominta ba su da harshen damo. Gwamnatin da ta yi dokar ta san jihohi sha tara ne, ta kuma san sha tara ba ta rabuwa uku, don haka da sha uku take so da ta rubuta sha uku.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, ɗaya ɓangaren ma da lafazi ya kafa hujja. Mai shari'a Kayode Eso, wanda shi kaɗai ya ce a karɓi ƙarar Awolowo, bai ce a bar kalmomi a bi zuciya ba. Abin da karatunsa ya ginu a kai shi ne, jiha a doka ƙasa ce mai iyaka da suna, ba tarin ƙuri'u ba. Jimlar ta ce a kowace ɗaya daga cikin jihohin, kuma ba a cewa kowace ɗaya sai ga abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai. Ta kuma ce aƙalla. Idan ana ƙirga jihohi cikakku, aka ce kada su gaza sha biyu da sulusi biyu, to sha biyu ta gaza, adadi na farko da bai gaza ba shi ne sha uku. Akwai ma abin da ya ƙara wa wannan karatu nauyi: lokacin yi wa jam'iyyu rajista, da aka buƙaci kowace ta buɗe ofisoshi a kashi biyu cikin uku na jihohi, sha uku aka riƙa ƙirgawa.

Wannan shi ne babban rauni na ƙa'idar bin lafazi, kuma ɗalibai da yawa ba sa ganinsa. Suna ɗauka cewa ita ce mai sauƙi, ka buɗe ƙamus ka gama. Amma ga manyan alƙalai a kan benci ɗaya, suna duban layi ɗaya, kowa yana cewa ma'anar a fili take, sun kuma fita ta ƙofofi daban-daban. Ɗaya ya ɗora nauyi a kan kashi biyu cikin uku, ɗayan ya ɗora a kan jiha da kowace da aƙalla. Duk lokacin da masu hankali biyu suka karanta jimla da gaskiya suka fito da ma'ana biyu, to ikirarin cewa ba ta da harshen damo ya riga ya faɗi, dole a nemi taimako daga wani wuri.

Inda lafazi ya kai ga abin da hankali ya ƙi

Ƙa'idar zinare ba kishiyar ta farko ba ce, ƙanwarta ce. Ita ma da lafazi take farawa. Bayanin da aka fi kafa hujja da shi ya fito ne daga bakin wani babban alƙalin Ingila, Wensleydale, a shari'ar Grey da Pearson ta 1857: a bi ma'anar kalmomi ta yau da kullum, sai fa idan hakan zai kai ga abin da ba shi da kan gado ko ya ci karo da sauran dokar, to a nan sai a gyara ma'anar gwargwadon abin da zai kawar da matsalar, kada a wuce nan. Wannan iyaka ta ƙarshe ita ce zuciyar ƙa'idar. Ba lasisi ba ne na sake rubuta doka.

A shari'ar Adler da George ta 1964, doka ta haramta tare wa jami'in tsaro hanya a kusa da wurin da aka hana shiga. Mutumin da aka kama a cikin sansanin sojan sama na Marham yake, ba a kusa da shi ba, sai ya ce dokar ba ta hau kansa ba. Kotu ta ce ba zai yiwu a hukunta wanda ya yi laifin a bakin shinge a kuma saki wanda ya yi shi a tsakiyar sansani ba, ta karanta jimlar a matsayin a ciki ko a kusa. Ta ƙara kalma ɗaya, ta tsaya. Wani lokaci kuma ana amfani da ƙa'idar ko da lafazin ma'ana ɗaya gare shi. A shari'ar Sigsworth ta 1935, wani ya kashe mahaifiyarsa wadda ba ta bar wasiyya ba. Dokar rabon gado ta 1925 ta ce dukiya ta 'ya'ya ce, ba ta togace kowa ba, shi ne kuma ɗanta tilo. Kotu ta hana shi. Mai karatu Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, tunda a fiƙihu ma wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa.

Idan muka kawo wannan ma'auni kan ƙuri'un Kano, tambayar ita ce: a cikin karatun nan biyu, wanne ne yake haifar da abin da hankali ba zai ɗauka ba? A nan ne, a ganina, lissafin sha biyu da sulusi biyu yake tuntuɓe, kuma a wuri biyu.

Na farko, wane sulusi biyun Kano? Birni da kewaye, ko Haɗeja da Gumel da Kazaure? Dokar ba ta nuna yadda za a yanka jiha ba, ba ta ma yi maganar yanka ta ba. Don a kauce wa wannan sai aka mayar da jiha ta zama ƙuri'u. Amma a jihohi sha biyun farko kalmar tana nufin ƙasa mai iyaka, sai a ta sha uku kawai ta rikiɗe ta zama adadin ƙuri'u. Kalma ɗaya a jimla ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, abin da masu fassarar doka suke gudu matuƙa.

Na biyu ya fi na farko nauyi, kuma masu sukar hukuncin sun daɗe suna nuna shi. An rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa kashi biyu cikin uku, amma an bar wa ɗan takara ƙuri'unsa dukkansu, waɗanda ya tattaro daga ko'ina a faɗin jihar. Kamar ɗalibi ne ya ci maki 20 cikin 100 a jarrabawar da ake haye ta da 25, sai malami ya ce kashi biyu cikin uku na takardar kawai za a duba, don haka makin hayewa ya sauko wajen 17, amma ya bar wa yaron makinsa 20 da ya samu daga dukkan tambayoyin. Idan za a rage, sai a rage duka biyun. Kashi biyu cikin uku na 243,423 shi ne 162,282, wanda bai kai 203,461 ba. Ko ta ina aka juya lissafin da adalci, kashi 19.94 cikin ɗari yana nan a 19.94. Abin da dabarar ta yi a zahiri shi ne ta sauke sharaɗin jiha ta sha uku daga rubu'i zuwa sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, alhali babu sudusi a ko'ina cikin dokar.

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin faɗa, kuma wajibi ne mai amsa tambaya ya kawo shi. Za su ce sha uku ta fi kashi biyu cikin uku, kusan kashi 68 cikin ɗari ce ta jihohi, don haka wanda ya nemi sha uku ya ɗora wa ɗan takara nauyin da doka ba ta ɗora masa ba. Amsar ita ce wannan nauyi ne, ba rashin kan gado ba. Ƙa'idar zinare ba ta shiga don kawai sakamako ya yi wa wani tsauri. Haka ake yi kullum a majalisu da kwamitoci: idan ana neman aƙalla kashi biyu cikin uku na mutum sha tara, hannu sha uku ake jira a gani a sama.

Wace ɓarna aka zo toshewa?

Ƙa'ida ta uku ta girmi sauran. Ta samo asali daga shari'ar Heydon ta 1584, inda alƙalai suka jera tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowace doka. Yaya shari'a take kafin a yi ta? Wace ɓarna ce tsohon tsarin ya kasa magancewa? Wane magani majalisa ta kawo? Mene ne ainihin dalilin maganin? Daga nan aikin alƙali shi ne ya zaɓi fassarar da za ta danne ɓarnar ta kuma ƙarfafa maganin.

Misalin da aka fi sani shi ne shari'ar Smith da Hughes ta 1960. Dokar 1959 ta hana mata masu zaman kansu neman maza a kan titi. Wasu mata a Landan sai suka koma cikin gida, suna tsayawa a baranda ko bayan taga, suna ƙwanƙwasa gilashi don jawo hankalin masu wucewa. Da aka kama su suka ce ƙafarsu ba ta taka titi ba. Alƙali Parker ya ce an yi dokar ne don mutum ya iya wucewa a titi ba a dame shi ba, saboda haka inda wanda ake kira yake shi ne abin dubawa, ba inda mai kiran take tsaye ba. Aka same su da laifi.

Tambayoyin Heydon suna da amsa a tarihinmu. A Jamhuriya ta Farko tsarin firaminista ake bi, kowace babbar jam'iyya kuma tana da yankinta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Mutum yana iya hawa mulkin ƙasa da ƙarfin yanki ɗaya da ƙawance a majalisa, ba tare da ya taɓa neman ƙuri'ar sauran jama'a kai tsaye ba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: juyin mulkin Janairun 1966, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Kwamitin tsara kundin mulki da Murtala ya kafa a 1975, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya yi aikinsa da wannan tabo a zuciya. Ɓarnar ita ce shugaban ɓangare. Maganin shi ne a tilasta wa mai neman kujerar ya nemi karɓuwa a faɗin ƙasa.

Mai gaggawa zai ce shi ke nan, sha uku ta yi nasara, tunda ita ce ta fi tilasta yaɗuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma wannan ƙa'ida tana yanka ta gefe biyu a shari'ar nan, kuma a nan nake ganin ɓangaren Shagari ya fi ƙarfi, fiye da inda lauyoyinsa suka jingina. A cikin mutum biyar ɗin babu wanda ya kusa shi yaɗuwa. Ya samu rubu'i a jihohin Arewa da na tsakiya da na Kudu, har Ribas da Kuros Riba. Awolowo a jihohi shida kawai ya samu rubu'i, mafi yawansu a ƙasar Yarbawa. Da an ce Shagari bai cika ba, da magana ta koma hannun 'yan majalisu, inda ciniki tsakanin jam'iyyu zai iya ba da kujerar ga wanda ya fi ƙarancin ƙuri'u kuma ya fi ƙarancin yaɗuwa. Mai duban manufa zai iya cewa wannan ita ce ɓarnar da aka gudu, ta dawo ta bayan gida.

Hujja ce mai jan hankali, amma tana da haɗari, kuma haɗarin shi ne ciwon wannan ƙa'ida gaba ɗaya. Zaɓen 'yan majalisu ba ɓarna ba ne a idon dokar, wani ɓangare ne na maganin da ita kanta ta tanada. Kuma fassarar doka ba ta canzawa saboda sunan wanda zai amfana. Duk ma'anar da aka ba jimlar ranar da aka rubuta ta, kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya, ita ce ma'anarta bayan an ƙirga. Alamar da ake gane alƙali ya zarce iyaka da ƙa'idar toshe ɓarna ita ce idan ya fara da sakamakon da yake so, sannan ya koma baya yana neman manufar da za ta kai shi can.

Abin da kotu ta yanke

Ranar 26 ga Satumba, 1979, kwana biyar kafin ranar miƙa mulki, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da rinjayen alƙalai shida a kan ɗaya. A cikin masu rinjayen akwai Mohammed Bello da Muhammadu Lawal Uwais, waɗanda daga baya kowannensu ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba.

Akwai alƙali ɗaya a cikin shidan da ba a cika ambatonsa ba, Mai shari'a Andrews Obaseki, kuma hanyarsa ce na fi ganin ta tsaya da ƙafafunta. Bai gamsu da yanka jiha ba, ya karkata ga sha uku. Amma dokar zaɓen tana da wani sashe da ya ce ba a rushe zaɓe saboda saɓa wani tanadi matuƙar an bi dokar a mafi yawan abin da ta nema kuma saɓawar ba ta shafi sakamako ba. A kan wannan ya ƙi rushe zaɓen. Ana iya yi masa gardama, a ce wancan sashe don kurakuran gudanar da zaɓe aka yi shi, ba don sharaɗin cin zaɓen kansa ba, kuma gardama ce mai ƙarfi. Duk da haka ya raba tambayoyi biyu da sauran suka cakuɗa: me jimlar take nufi, da kuma me ya kamata kotu ta yi idan ba a cika ta ba. Ni a karatuna jimlar sha uku take nufi. Faɗin haka bai rage wa Shagari komai ba, domin ba shi ya rubuta dokar ba, kuma babu mai musun cewa shi ya fi kowa ƙuri'u da karɓuwa a zaɓen. Laifin na masu rubutun ne, da suka san yawan jihohinsu suka kuma bar adadin a buɗe.

Wanda aka ba irin wannan tambaya a jarrabawa, ko ɗan ƙungiya da ake jayayya da shi a kan wani sashe na tsarin mulkin ƙungiyarsu, abin da zai fara yi shi ne ya sa yatsa a kan kalmomin da rigimar take kansu. A nan guda uku ne: jiha, kowace, aƙalla. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba tarihin ƙa'idoji da sunayen shari'o'i shafi guda, ba a taɓa kalmomin dokar da aka bayar ba. Kuskure na biyu shi ne a ɗauka dole kowace ƙa'ida ta ba da amsa daban. Sau da yawa biyu suna haɗuwa, wani lokaci kuma, kamar yadda muka gani, ƙa'ida ɗaya tana ba da amsa biyu. Babu kuma wata doka da ta tilasta wa alƙali ya ɗauki wannan ya bar waccan, shi ya sa ake neman mai amsa ya faɗi wadda ya zaɓa da dalilinsa. A yau kotunan Ingila da namu sun fi karkata ga duban manufar doka gaba ɗayanta, musamman idan kundin tsarin mulki ake fassarawa, inda ake karanta sashe tare da 'yan'uwansa ba shi kaɗai ba.

Jimlar nan ba ta mutu ba. Tana nan a sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999, da ƙarin wasu kalmomi a ƙarshenta: kashi biyu cikin uku na dukkan jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Jihohi yanzu 36 ne, kashi biyu cikin uku nasu 24 cif. Amma bayan zaɓen 2023 sai rigima ta koma kan ƙaramar kalmar da ta haɗa jihohi da Abuja. Masu ƙara suka ce lafazin yana nufin dole ɗan takara ya samu rubu'i a Abuja ita kanta, Bola Tinubu kuma bai samu ba. Kotun zaɓe ta ƙi, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncinta a watan Oktoba na shekarar. An karanta sashen tare da sashe na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja kamar ɗaya daga cikin jihohi, aka kuma ce ba zai yiwu kundin da ya daidaita 'yan ƙasa ya ba mazauna birni ɗaya ikon hana wanda sauran ƙasa ta zaɓa ba. Sai dai idan Abuja ta shiga lissafi a matsayin ta 37, kashi biyu cikin uku ya zama 24 da sulusi biyu. A 2023 wannan bai zama abin jayayya ba, saboda jihohin da wanda ya ci ya samu rubu'i a cikinsu sun haura 25. Ranar da wani ɗan takara zai tsaya a kan 24 daidai, lauyoyi za su sake buɗe hukuncin Fatai-Williams da na Eso su ɗora a gaban kotu.